Wanda ya turo "Slm" kawai, da wace siga za a amsa masa?

Duk wanda ya taɓa riƙe wayar shago, ko ya haɗa wa ɗan kasuwa tsarin da ke amsa saƙo da kansa, ya san wannan abin. Waya ta yi ƙara, ka duba, lamba ce da ba ka sani ba, saƙon kuma haruffa uku ne: Slm. Wani zai sa Aslm, wani "Sannu", wani Hi, wani ma hannu kawai zai ɗago maka da imoji. Shikenan, ya yi shiru yana jira. Idan mutum ne ke riƙe da wayar ba wani abu ba ne, ya amsa sallama ya ce ya aka yi. Matsalar tana zuwa ne idan za ka rubuta amsar tun kafin saƙon ya zo, amsa ɗaya da za ta tarbi kowa, kuma ba ka san a wane irin sikirin za a karanta ta ba.

Ni aikina kenan, haɗa irin waɗannan abubuwan wa masu ƙananan sana'o'i, kuma wlh na daɗe ina ɗaukan saƙon farko a matsayin mafi sauƙi a duk aikin, sai da na sha kunya a shagon wata Hajiya mai atamfa da leshi sannan na gane shi ne wurin da mutum ya fi makanta. Hajiya tana karɓar oda ta hanyoyi uku, WhatsApp da Telegram da kuma SMS saboda kwastomominta na ƙauye masu ƙaramar waya, ni kuma don rage wa kaina wahala na rubuta saƙon maraba guda ɗaya na ce ya fita ta duk ukun. Na ƙawata shi sosai, da babban take a sama, sunan shago da kauri, ɗan tebur na kaya da farashi, imoji biyu uku. A kwamfutata yana kyau kamar takardar gayyatar biki.

Da Markdown na rubuta shi. Ga wanda bai sani ba, Markdown wata hanya ce ta sa wa rubutu ado da alamomin da ke kan kibod, John Gruber ne ya fito da ita a 2004. Ka sa alamar `#` a farkon layi ya zama take, ka sa taurari biyu gaba da bayan kalma ta yi kauri, ka jera `|` da `-` su zama tebur. Kaman haka:

```
# Barka da zuwa!
**Atamfa** | **Farashi**
```

Abin da mutane ke mantawa shi ne waɗannan alamomin ba su ne adon ba, umarni ne kawai, dole sai akwai manhajar da za ta karanta su ta mayar da su ado a ɗaya ɓangaren. In babu ta, mai karatu zai ga alamomin ne tsirara. Kuma manhajojin ba su yi ittifaƙi a kan yare ɗaya ba. WhatsApp tauraro ɗaya yake so don kauri, `*haka*`, alhali a Markdown na asali tauraro ɗaya rubutun gicciye yake bayarwa. WhatsApp bai san take da `#` ba, bai san tebur ba. A farkon 2024 ya ƙaro jeri mai ɗigo da mai lamba da wasu 'yan abubuwa, amma take da tebur har yanzu alamominsu kawai za ka gani. Slack ma tauraro ɗaya yake amfani da shi don kauri. SMS kuwa bai san komai ba, abin da ka rubuta shi zai kai.

Toh ga abin da ya faru da saƙona. A WhatsApp ya isa, amma da `#` a goshinsa, ragowar taurari a gefen kalmomi, teburin kuma ya zama sanduna a tsaitsaye suna karyewa a tsakiyar layi saboda sikirin waya siriri ne. Muni ne amma ana iya karantawa. A Telegram abin ya fi haka, domin saƙon bai ma fita ba sam. Idan bot, wato tsarin da ke amsa saƙo da kansa, zai tura rubutu mai ado a Telegram sai ya faɗi salon da ya yi amfani da shi ta wani fili da ake kira `parse_mode`, ni kuma na sa `MarkdownV2`, wanda ke da wata doka mai tsauri: alamomi da yawa, har da aya da alamar motsin rai da `-` da `#` da `|`, dole a sa musu `\` a gaba in ana nufin su fito a matsayin rubutu. Ban sa ba. Abin da Telegram ke dawowa da shi a irin wannan yanayi shi ne:

```
Bad Request: can't parse entities: Character '#' is reserved and must be escaped with the preceding '\'
```

Wato alamar `#` guda ɗaya a farkon "Barka da zuwa!" ta isa ta hana saƙo tafiya. Kuma wannan ƙorafin a log ɗina yake sauka, wato rajistar da tsarin ke rubuta duk abin da ya faru, kwastoma ba ya ganinsa. Shi abin da ya sani kawai ya yi sallama ba a amsa masa ba, wanda a wajenmu ka san me hakan ke nufi. Kwana biyu ana haka ban lura ba, sai da Hajiya ta kira ni tana cewa, "Yaron nan, wai me ka sa min ne a waya? Ƙawata ta ce ta yi min sallama sau uku na share ta." Na ce Hajiya ki yi haƙuri bari in duba, ina dubawa na ga layin nan a jere ya kai talatin.

Daga nan na fara kallon abin ta wata fuska. Tambayar da ya kamata in yi tun farko ita ce, idan na yi kuskuren hasashe, wanne kuskuren ne ya fi arha? Domin hasashe ne dole, Slm ba ta gaya maka komai game da sikirin mutum. In ka tura rubutu zalla mara ado, sai ya kasance wurin yana iya nuna ado, me ka rasa? Kusan babu, jimla biyu ne masu kyau za su fito a matsayin jimla biyu masu kyau. In ko ka tura mai ado ya kasance wurin ba ya nunawa, ko dai ya fito da datti ko kuma ya ƙi fita gaba ɗaya. Asarar ba ɗaya ba ce a ɓangarorin biyu, ɗaya ƙwandala ce ɗaya jari ne. A Telegram ɗin ma, in ka bar `parse_mode` ba ka sa komai ba, rubutu yana tafiya yadda yake, da ayarsa da alamar motsin ransa, babu mai tare shi.

Shi ya sa masu haɗa tsarin hira da ke amfani da manyan manhajojin ƙirƙirar rubutu, waɗanda ake ce wa AI, suke fama da wannan abin fiye da kowa. Ita manhajar rubutu kawai take karɓa ta mayar da rubutu, ba ta ganin inda zai sauka. Ta saba fitar da Markdown saboda a shafukan hira na kamfanonin da suka yi ta ana mayar da alamomin ado, amma da zarar mai haɗa tsari ya ɗauko amsar ta API, wato ƙofar da manhaja ke magana da wata manhajar kai tsaye, ya zuba a SMS ko a wani ɗan akwatin hira na shago, taurarin nan za su bayyana. In hira ta yi nisa akwai alamu: mutum ya rubuto da taurari shi ma, ko ya liƙo kod, ko ya ce a jera masa abu. A saƙon farko na gaisuwa zalla babu ko ɗaya. Ni yanzu in gaisuwa ce kawai ta shigo ba na ma tura ta wajen manhajar, amsar da na rubuta da hannuna ce ke fita, don ban ga dalilin biyan kuɗi da jiran sakan biyu a kan amsa sallama ba.

Amma fa kar a ɗauka rubutu zalla shi ne ƙarshen magana, don a nan ne Hausa ta shigo da nata rigimar, kuma wannan ɓangaren ne ya ci wa Hajiya kuɗi. SMS yana da jerin haruffa da ake kira GSM-7, in duk haruffan saƙonka suna cikin jerin, saƙo ɗaya yana ɗaukan harafi 160. In saƙon ya fi haka ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 153, don ana cire ɗan wuri na bayanin yadda za a sake haɗa su. Toh haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, ba sa cikin jerin nan. Harafi ɗaya tak daga cikinsu ya shiga, duk saƙon sai ya koma wani tsari da ake kira UCS-2, inda saƙo ɗaya 70 ne, gunduwa kuma 67. Ba harafin kaɗai ke tsada ba, duka saƙon yake ja.

A yi lissafi da nawa. Saƙon marabar ya kai harafi 420. Da a ce duka GSM-7 ne, gunduwa uku ce. Amma akwai "ƙarin bayani" a ciki, akwai alamar naira ₦ wadda ita ma ba ta cikin jerin, ga imoji, don haka 420 a raba da 67, ya zama gunduwa bakwai. Masu tura SMS na kasuwanci kuwa da gunduwa suke caji ba da saƙo ba. Kenan duk wanda ya turo haruffa uku, Hajiya na biyan kuɗin SMS bakwai don a amsa masa da teburin da ba ya karantuwa. Ko saƙo matsakaici mai harafi 150, wanda ya kamata ya tafi a guda ɗaya, in ka sa masa ƙ ɗaya ya zama uku. Sannan a wasu ƙananan wayoyi masu madannai harafin ma ba ya fitowa, ɗan akwati ne ko alamar tambaya za a gani a gurbinsa.

Akwai wani ƙaramin ɓarawo da ya fi waɗannan iya ɓuya, shi ne waƙafin sama da muke sawa a 'yan, ma'ana, sana'a, jama'a. Miƙaƙƙen, wanda kibod ɗin kwamfuta ke bayarwa, yana cikin GSM-7. Amma in ka rubuta saƙon a Word, ko a wayar da ke gyara alamomi da kanta, sai ta mayar da shi lanƙwasasshe, a ido kusan iri ɗaya ne, a lissafi kuwa ya jefa ka cikin 70. Na taɓa cire duk ƙ da ɗ daga saƙo ina murna, na duba na ga har yanzu gunduwa uku yake nunawa, na kusa minti ashirin ina nema kafin na gano waƙafin da ke cikin "sana'a" ne.

Wani zai ce toh a daina sa lanƙwasa mana, ai kowa ma ba ya sawa a chat. Gaskiya ne mutane na karanta "kasa" su gane ko ƙasa ce ko kasa daga abin da ke kewaye, amma ni ba na son shago ya fara magana da kwastoma da rubutu gurgu, kuma ba dole ba ne. Hanyar da na fi so ita ce amsar farko ta zama gajera ƙwarai har ta shige ƙarƙashin 70, ta yadda ko da lanƙwasa ko babu saƙo ɗaya ne. Wadda muka tsaya a kai a shagon Hajiya ita ce:

```
Wa alaikumus salam, barkanku da zuwa. Wane kaya kuke nema?
```

Harafi 58 ne da sarari da komai, babu tauraro, babu imoji, babu ma harafi mai lanƙwasa ko ɗaya cikin sa'a. Tana fita iri ɗaya a WhatsApp da Telegram da SMS, in an karanta ta da murya ma daidai take.

A lura da "barkanku" da "kuke". Wannan ba ado ba ne na sikirin amma matsala ɗaya ce, hasashe a cikin duhu. Bature in ya ce you ya huta, mu kuwa dole ka zaɓa, ka ko ki, maka ko miki. Slm ba ta nuna namiji ne ko mace, yaro ne ko sa'ar kakarka, sunan da ke kan furofayil kuma ba abin dogaro ba ne, mata da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke saye, wasu sunan jaririnsu suke sawa. Ka ce wa Hajiya babba "me kake nema" ka ga yadda ciniki ke mutuwa tun bai fara ba. Jam'in girmamawa shi ne rubutu zalla na nahawunmu, in mutum ɗaya ne ya ji an girmama shi, in mace ce ko namiji duk ya hau, ba wanda zai ji haushi.

Haka ita kanta gaisuwar. Sallama tana da amsarta, wanda ya ce sannu ko barka da yamma kuma ba a amsa masa da wa alaikumus salam ba, don ba shi ya faɗa ba, kuma ba duk mai jin Hausa ne Musulmi ba. Saboda haka ɗan abin da gaisuwar ta bayar sai a yi amfani da shi, a mayar da irinta. Amma kar a wuce gona da iri wajen karanta ta. Slm ba ta tabbatar maka mutum Hausa zai ci gaba da ita ba, Bafulatani da Babarbare da Bayarabe Musulmi duk suna rubuta ta, na Maraɗi ko Damagaram zai iya biyo ta da Faransanci. Hi ma ba ta nufin Turanci yake so, yara nawa ne ke buɗewa da Hi su zarce da "dan Allah nawa ne leshin nan". In shagon na masu jin Hausa ne a fara da Hausa, saƙo na biyu zai nuna in an yi kuskure, kuma gyaran ba shi da tsada tunda jimla biyu kawai aka kashe.

Hajiya fa ba ta yarda nan take ba, kuma hujjarta ba ta banza ba ce. Cewa ta yi, "Wannan ai kamar ba shago ba, kowa ma zai iya rubuta shi. Wancan ya fi nuna mun san abin da muke yi." Kuma akwai masu sana'ata da ke da irin wannan ra'ayin da wata hujja ta daban: kowane zuwa da dawowa dama ce ta mutum ya tafi, netwok ya ɗauke, data ta ƙare, yaro ya yi kuka, don haka gara ka zube masa komai a saƙon farko. Akwai ma ofisoshin da ake yaƙi da gaisuwa zalla, har shafi aka buɗe mai suna nohello don a riƙa tura wa abokan aiki masu rubuto hello su yi shiru. Na fahimce su, a ofis lokaci ake tattali. Amma kwastoman atamfa ba abokin aikinka ba ne, kuma a tarbiyyarmu wanda ya faɗo da buƙata ba sallama shi ne mara kunya. Slm ɗin nan ƙwanƙwasa ƙofa ce, yana so ya ji ko akwai mutum a ciki. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ba a buɗewa a juye masa buhun kaya a ka.

Inda na ba su gaskiya shi ne tambaya buɗaɗɗiya tana iya barin wasu a tsaye ba su san me ake da shi ba. Maganin wannan ba tebur ba ne, zaɓin ne za a sa a cikin jimla kamar yadda yaron shago zai faɗa da baki: atamfa kuke so, leshi, ko shadda? Uku sun isa. Ko WhatsApp da kansa, a tsarinsa na 'yan kasuwa, maɓallan amsa da yake yarda a liƙa wa saƙo uku ne iyaka, kowanne rubutunsa kar ya wuce harafi 20. In ka tabbata ta WhatsApp saƙon ya shigo, maɓallan nan suna da kyau kuma ba sa lalacewa don ba alamomi ba ne a cikin rubutu. Sai dai a nan ma ina rarrabe abu biyu: sanin hanya daban, sanin mutum daban. Tsarinka zai iya sanin cewa WhatsApp ne, ya san tauraro ɗaya zai yi kauri, amma har yanzu bai san ko mai saƙon yana karatu da kyau ba, ko jikarsa ce ke karanta masa, ko makaho ne da ke sauraro ta TalkBack inda alamomin da suka fito tsirara za su iya shiga cikin abin da ake karanto masa. Da yawan kwastomomin Hajiya saƙonsu na biyu murya ce, ba rubutu ba. Wanda zai amsa maka da murya, me kaurin harafi zai ƙara masa?

Sai saƙo na biyu ya zo ake fara sakin jiki, shi ma a hankali. In ya ce a turo masa farashin duk atamfofin da ake da su, yanzu jeri ya halatta don abin da ya nema jeri ne a ɗabi'arsa. Ko a nan ina zaɓan adon da in ya faɗi ba ya karyewa. Layi mai farawa da 1. da 2. da 3. ko an mayar da shi jeri ko ba a mayar ba, ana karanta shi daidai. Layin da babu komai a tsakanin sakin layi biyu yana aiki ko'ina. Tebur da take da mahaɗin da aka ɓoye a bayan kalma su ne masu karyewa, don haka adireshin shafi a rubuta shi a fili yadda yake. In kuma saƙo na biyu wata gaisuwar ce, "ya aiki, ya iyali", wanda yana faruwa sosai, a amsa a taƙaice lafiya lau alhamdulillah a sake tambayar a hankali. Tsarin da ke sake jefo saƙon maraba ɗaya sak duk lokacin da aka gaishe shi, nan take ake gane inji ne kuma mara wayo.

Akwai tarko ta ɗaya gefen da ya kamata a sani, wato inda kai ka tura rubutu zalla amma wurin ya ɗauka ado ne. A akwatin hira da ke fassara Markdown, in ka sauka layi sau ɗaya kawai, sau da yawa yana haɗe layukan su zama ɗaya, sai adireshin shago da ka jera layi uku ya dunƙule. Wanda ya fi ban haushi shi ne lambobin USSD. Lambar sa kati da kamfanonin waya na Najeriya suka koma amfani da ita bai ɗaya, `*311*PIN#`, tana da taurari biyu, Markdown kuwa yana ganin tauraro a gaba da bayan 311 sai ya ce gicciye ake so, ya haɗiye taurarin, mai karatu ya ga 311 a karkace da sauran lambobi, ya danna ta ƙi aiki. Haka in ka rubuta ɗan kod mai share duk wani tauraro daga amsa don tsabtace ta kafin ta tafi SMS, zai share har da na `*310#` na duba kuɗi. Na yi wannan ma. Wani dalili ne kuma na barin saƙon farko ba lamba ba alama, sai kalmomi da aya da alamar tambaya.

Yadda nake gwadawa yanzu kafin in miƙa wa mai shago ba wani abin kimiyya ba ne. Ina da tsohuwar ƙaramar waya mai madannai a durowa, ina da Android mai arha, in tura Slm daga kowacce ta kowace hanya in ga abin da ya dawo da idona, ba a kwamfuta ba. In duba shafin kamfanin SMS in ga gunduwa nawa suka ƙirga, in ya wuce ɗaya akwai harafin da ya ɓuya. In buɗe log in tabbatar duk gaisuwar da ta shigo akwai amsar da ta fita a bayanta, don gazawar Telegram ɗin nan ba ta ihu, sai ka je ka same ta. Sannan in sa a karanta min amsar da baki, yawanci ƙanwata nake ba wa, in ta yi tuntuɓe a wani wuri ko ta tambaye ni "Yaya, wannan alamar fa?" to akwai abin cirewa.

Teburin farashin Hajiya bai mutu ba, hoto muka mayar da shi, ana tura wa wanda ya nemi farashi ta WhatsApp ko Telegram. Na SMS kuma layi uku ake ba su, da N a madadin ₦.